Ruwa ya cika ramukan fandisho, injiniya kuma yana tafe gobe da safe

Foman Tudun Jukun: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawara kafin isha'i. Bene ne hawa ɗaya muke wa fandisho a nan Zariya, ramukan ginshiƙi 16, kowanne mita 2 faɗi, mita 2 tsawo, zurfin mita 2.1. Zurfin ya kai haka ne saboda santimita 90 na sama duk ciko ne, sai da muka wuce shi muka sami jar ƙasa ta asali. Goma daga ciki an zuba musu kankaren shimfiɗa an saka kwandon rodi, shida ba a zuba ba. Injiniya mai sa ido zai taso daga Kaduna gobe Talata, ƙarfe 9 zai duba rodi ya sa hannu, Laraba mu zuba kankare. To ruwan da aka kwana ana yi daren Lahadi har hantsin yau ya cika ramukan, na zura sanda na auna, santimita 60 ne a mafi yawansu. Bakin ramuka huɗu ya tsage, ɗaya ma gefensa ya riga ya zube a kan kwandon. Uku suna jikin katangar maƙwabci. Zuciyata na cewa in ɗage zuwan nasa, amma mai gida yana matsa mini. Yaya zan yi, kuma wace rana zan ba shi?

Mai Tifa na Kwangila: Foman, ban ga abin ɗagewa ba. Ka ɗauko injin jan ruwa mai inci uku yanzu, ka kunna fitila, kafin sha biyun dare ramukan sun bushe. Da asuba yara su shiga da shebur da kwanon sarki su kwashe taɓon, su watsa wa rodi ruwa. Injiniya na zuwa ya tarar da wuri fes. Mutum zai taso tun daga Kaduna, ka ce masa kada ya zo? Sai ya ɗauka aikin ne ba ka gama ba.

Injiniya Samaru: Wa alaikumus salam. Foman, ɗage shi, kuma yau za ka gaya masa, ba gobe yana kan hanya ba. Shawarar da Mai Tifa ya bayar ita ce abin da na fi tsoro a lamarin nan, don injiniyan da zai zo minti talatin zai yi a bakin rami, su kuwa yaran da za a tura su share masa wuri awa uku za su yi a ƙasan ramin, a sunkuye, cikin duhun asuba.

Ga dalili. Ruwan da ke cikin ramin yanzu yana tokare da gefensa daga ciki. In ka zuƙe shi farat ɗaya, ƙasar gefen tana nan jiƙe sharkaf, ta yi nauyi, ta yi laushi, abin da ke tallafe da ita kuma ya tafi. Shi ya sa rami yakan rufta bayan an janye ruwa, a daidai lokacin da kowa ya saki jiki ya ce an gama. Kuma ka ce saman ciko ne. Ciko ba shi da riƙo, in ya sha ruwa zamewa yake a kan jar ƙasar da ke ƙarƙashinsa.

Gaya mini tsagin nan: nawa ne tazararsa daga bakin rami, kuma ina kuka tara ƙasar da kuka haƙo?

Foman Tudun Jukun: Ranka ya daɗe, mafi munin yana da kamar santimita 40 daga baki, ya bi tsawon gefen gaba ɗaya, yatsa yana shiga. Ƙasar kuwa tana nan a bakin ramukan, don fulotin ba shi da sarari.

Injiniya Samaru: To mu yi lissafi tare, don ka sami abin gaya wa mai gida. Faɗin santimita 40, tsawon mita 2, mu ce zurfin abin da zai ɓalle mita ɗaya ne kawai. Wato 0.4 sau 2 sau 1, ya ba ka kubik mita 0.8. Jiƙaƙƙiyar ƙasa kubik ɗaya tana kai tan 1.8. Ka ga kusan tan ɗaya da rabi ke nan, nauyin buhun siminti 29 a kan bayan mutumin da ya sunkuya yana kwasar laka. Ba sai ta rufe masa kai ba. In ta kai masa ƙirji, duk numfashin da ya fitar ƙasar sai ta ƙara matsewa, ba zai iya jawo wani ba. Kuma waɗanda ke sama ba za su iya sa diga ba, don za su sare shi, sai dai hannu da shebur a hankali, ga gefen na iya sake zubowa a kansu.

Tarin ƙasar da ke baki kuma ƙarin kaya ne a kan wurin da ya riga ya tsage. Mafi ƙarancin tazarar da ake bari santimita 60 ce daga baki, ni a ciko jiƙaƙƙe irin wannan mita ɗaya nake so, ko fiye.

Baba Birkila Sabon Gari: Yaro, ka ji maganar injiniya. In ƙara maka da na masu cokali. A marka irin ta watan Agusta, ƙasar Zariya ba ta bushewa da rana guda, ko da an yi rana mai zafi. Sama ne ke yin ɓawo, ciki na nan kamar kunu. Ka taka ka ji tauri, ka ce ta bushe, alhali tafin hannu ɗaya ƙasa da nan caɓi ne. Abin da za ka yi yau kafin magariba ta rufa: ka kafa turaku ka zagaye ramukan da igiya, nesa da baki, ka gaya wa mai gadi ko almajiri kada ya bari ya leƙa. Yara na ganin ruwa a rami wanka ke zo musu a rai. Wannan ya fi zuwan injiniya gaggawa.

Ɗan Kwas daga Gyallesu: Yallaɓai, ni ban fahimci wani abu ba. Ai dubawar ba dole sai ya shiga ramin ba. Ya zo ya tsaya daga sama ya ƙirga rodi, ko foman ya ɗauka masa bidiyo ya tura masa ya amince daga can. Rodi mai kaurin milimita sha biyu ne ko sha shida, ai ana gani. Sai a ci gaba da aiki ba a rasa rana ba.

Injiniya Samaru: Ka faɗi rabin gaskiya. Akwai abin da ake iya dubawa a sarari: kaurin rodin, yawansa, tazarar da ke tsakani, lanƙwasar bakinsa, tsawon ƙafar rodin ginshiƙi. In an fito da kwandunan waje, duk wannan zai duba shi da tef yana tsaye a kan busasshiyar ƙasa. Amma abin da ya sa ake kiransa kafin a zuba kankare ya fi haka. Yana so ya ga ƙasar da ginin zai zauna a kai, ya ga kwandon ya hau biskit ɗinsa, wato 'yan guntayen kankaren da ke ɗaga shi, da ratar santimita 5 tsakaninsa da kankaren shimfiɗa, ya ga rodin ginshiƙin ya faɗa daidai kan layin igiya. Duk waɗannan yanzu suna ƙarƙashin jan ruwa. Wane bidiyo ne zai nuna su? Tsayawa a baki a leƙa kuwa, ai bakin ne wurin da ya tsage. Wanda ya tsaya a kansa shi ne zai tafi da shi.

Kuma ko da ya zo gobe ya sa hannu, hannun bai da amfani, don kwandunan sai an ciro su an wanke an mayar. Abin da ya duba ba shi ne abin da za a zuba wa kankare ba.

Hajiya Mai Lissafin Kwangila: Foman, bari in ɗauki ɓangaren saƙon, tunda shi ka tambaya. Kira injiniya mai sa ido a waya tukuna, yanzu, don girmamawa kuma don mai tasowa daga Kaduna ya iso Zariya ƙarfe 9 tun bayan asuba yake shiri. Kana ajiye waya sai ka bi da rubutu, ka saka mai gida a ciki, ka kuma rubuta a littafin wurin aiki da kwanan wata da lokaci. Kiran waya kaɗai ba shaida ba ne ranar da aka zo lissafin wanda ya jawo jinkiri.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a rubuta "an yi ruwa, a ɗaga mana zuwa wani lokaci". Kowa a Zariya ya san an yi ruwa. Rubuta abin da ka auna. Ga yadda zan tsara shi:

"Ranka ya daɗe, barka da yamma. Ina neman a ɗage duban rodin fandisho da aka sa gobe Talata ƙarfe 9. Bayan ruwan daren Lahadi, ramuka 16 suna ɗauke da ruwa kimanin santimita 60. Bakin rami na 3, 7, 8 da 12 ya tsage, mafi girman tsagin santimita 40 daga baki, gefen na 7 ya zube a kan kwando. Na 14, 15 da 16 suna kusa da katangar maƙwabci. Na dakatar da shiga kowane rami, na zagaye wurin da igiya. Ba za a zuba kankare ko kwano ɗaya ba sai kun duba. Ina ba da shawarar Asabar ƙarfe 8 na safe, idan an janye ruwa, an janye ƙasar baki, an tokare gefe, kuma tsagin bai ƙaru ba. Zan tabbatar muku da hotuna ranar Juma'a ƙarfe 5 na yamma. Idan sharuɗɗan ba su cika ba, sai Litinin ƙarfe 8. Ina kuma roƙon umarninku kan girman katakon tokara da ramukan jikin katanga."

Lambobin ramukan na ƙaga ne don misali, ka sa naka. Haɗa da hoto huɗu ko biyar, kowanne da tef ko sanda a ciki don a ga girman abin, kuma daga nesa za ka ɗauka.

Foman Tudun Jukun: Na gode Hajiya. Amma me ya sa Asabar? Mai gida zai ce Alhamis ma ai ta isa.

Hajiya Mai Lissafin Kwangila: Saboda ranar daga aikin ake ƙirgo ta, ba daga kalanda ba. Talata janye ruwa da kwashe ƙasar baki. Laraba da Alhamis kafinta da tokara. Juma'a rabin yini ce a wurin leburori, tana isa wankin rodi da mayar da kwando. In ka ce Alhamis, ka sake jefa kanka cikin gaggawar da kake gudu, ranar Laraba da dare za ka tarar kana tura yara rami don kada ka ji kunya karo na biyu. Ɗagewa sau ɗaya da rana mai yiwuwa ta fi ɗagewa sau uku. Sannan duba takardar kwangilarku, wasu suna gindaya awoyin sanarwa kafin kiran dubawa, kada ranar da ka zaɓa ta saɓa musu.

Safiya kuma da gangan na sa. Hadarin damina a nan ya fi haɗuwa da yamma zuwa dare. Duba hasashen hukumar yanayi ta NiMet na kwana uku ranar Laraba da ranar Juma'a, amma kada ka ɗaura sharaɗinka a kansa. Ɗaura shi a kan abin da za ka iya aunawa a wurin.

Mai Tifa na Kwangila: To ni kuɗin fa? An riga an yi magana da mai miksa da gungun masu zuba kankare na Laraba, an ba da kafin alƙalami. Kwana uku ko biyar a zaune, wa zai biya?

Hajiya Mai Lissafin Kwangila: Su ma yau za a kira su, kafin su ƙi karɓar wani aikin saboda naku. Wanda aka gaya wa tun Litinin yakan yarda a matsar da rana, wanda ya zo da miksa Laraba da safe kuwa sai an biya shi yininsa. Wa zai ɗauki asarar, wannan ya danganta da abin da aka rubuta. Wasu kwangiloli suna ba da ƙarin kwanaki in ruwan ya wuce na al'ada, amma ba sa ba da kuɗi. Ruwa a Agusta a Zariya kuwa da wuya a kira shi abin da ba a zata ba. Mai gida ma yana iya cewa tun farko ya kamata a tokare rami mai zurfin mita biyu, kuma ba zan ce ya yi ƙarya ba.

Foman, simintin yana wurin? Gindin ginshiƙi na mita 1.5 sau 1.5 sau kaurin 0.4 kubik 0.9 ne, guda 16 ya kama 14.4, a haɗin siminti, yashi da tsakuwa na 1:2:4 kana maganar buhu 90 ko ɗan sama. In yana wurin, ɗora shi a kan katako sama da ƙasa, nesa da bango, a lulluɓe da tampol. Kwana biyar a kan danshi sai ka tarar da na ƙasa ya yi dutse.

Injiniya Samaru: Bari in bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya, don ɗagewar ba hutu ba ce.

Talata da safe, kafin a kunna komai, a ɗauke duk wayar wuta da ke kwance a ƙasa. Wayar janareta mai haɗin salatif a cikin ruwa ta isa kashe mutum ba tare da rami ya motsa ba. Sannan injin jan ruwa a sama zai zauna, a ƙalla mita biyu daga baki, mesa kawai ke sauka. Kada a sauke injin fetur cikin rami, hayaƙinsa yana taruwa a ciki, gubar da ke cikinsa ba ta da wari mai gargaɗi, mutum jiri kawai zai ji ya zube. Kuma girgizarsa a baki tana taimaka wa tsagin.

Ruwan ba shi da yawan da za a yi masa gaggawa. Kowane rami lita 2,400 ne, duka 16 kusan lita 38,000. Injin inci uku a takarda yana jan kusan lita dubu a minti, da ruwan laka ka ɗauka rabin haka. Matsar da mesa daga rami zuwa rami ne zai ci lokaci, rabin yini ya isa. A ramukan da suka tsage, a janye rabi, a bar shi awa biyu ana kallo daga nesa, sannan a ƙarasa. Bakin mesar fitarwa a kai shi kwatar titi. In ka zubar da shi a cikin fulotin, ta ƙarƙashin ciko zai dawo maka.

Bayan an janye, a yi alama a sanda a bar ta cikin rami biyu ko uku. In Laraba da safe ruwa ya dawo alhali ba a yi ruwan sama ba, to daga ƙasa yake tsattsafowa, kuma wannan magana ce ta daban da dole mai sa ido ya sani kafin Asabar, don sai an haƙa ɗan gurbi a kusurwa ana ja har a gama zubi.

Tsagin kuma a auna shi. Turke ɗaya a kowane gefe, ƙusa a kan kowanne, a auna tsakaninsu safe da yamma a rubuta. Mai aunawa ya shimfiɗa dogon katako ya miƙo daga ɓangaren ƙasa mai lafiya, kada ya taka ɓangaren da zai ɓalle. In adadin yana ƙaruwa, ba a jira, a tsaya daga baya a ture wannan ɓangaren da dogon ƙarfe ya faɗa ramin babu kowa, daga baya a kwashe. Gara ka zubar da shi da hannunka.

Baba Birkila Sabon Gari: A da abin da muke yi kwantar da bakin ramin, a yi masa gangare. Ba katako, ba kafinta, diga da shebur kawai. Ban ga abin da ya hana a yi haka nan ba.

Injiniya Samaru: Baba, in da sarari, hanyarku ita ce mafi aminci. Amma auna ta a nan. Jiƙaƙƙiyar ƙasa mara riƙo, kowace mita ɗaya ta zurfi tana son mita ɗaya da rabi ta gangare. Zurfin 2.1 yana son mita 3.15 a kowane gefe. Foman, nawa ne tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi?

Foman Tudun Jukun: Mafi yawa 3.6 ne, tsakiya zuwa tsakiya.

Injiniya Samaru: To ka ga ƙasar da ta rage tsakanin rami da rami mita 1.6 ce kacal. Gangaren zai haɗe ramukan duka su zama tafki ɗaya, ga babu inda za a zuba ƙasar. Tokara ce mafita.

Malam Kafinta na 'Yan Katako: Nan ne wurina. Kewayen rami mita 8 ne, katako mai faɗin inci 12 kusan santimita 30 yake rufewa, don haka guda 27 rami ɗaya zai ci in za a jera su manne da juna, kowanne a yanka mita 2.4 don ya leƙo sama da baki. Kada a yaudare ku da wanbaitwal na dakin, wato zubin kankaren saman bene, inci ɗaya ne, lanƙwashewa yake a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Mai kaurin inci biyu ake so, da firam na katako mai kauri daga ciki, hawa biyu ko uku, kusurwa na tokare da kusurwa don tsakiya ta zama a buɗe kwando ya wuce. Firam na ƙasa ya tsaya sama da inda kankaren zai kai, in ba haka ba ku binne shi.

Yadda ake sakawa shi ne abin kula. Daga sama ake zura katakan, a ɗaure firam na sama tukuna mutum yana waje, sannan ya sauka da tsani iya inda aka riga aka tokare ya sa na biyu. Wajen cirewa kuma daga ƙasa ake farawa, ana cikowa ana hawowa. Inda aka bar rata tsakanin katako da ƙasa a cusa ƙasa a danna, don tokarar da ba ta taɓa bango ba ado ce. Amma in faɗi gaskiya, ramuka 16 sau 27 katako 432 ne. Ba mai gidan da zai saya, kuma ba na gama su a kwana biyu.

Injiniya Samaru: Gaskiya ne, kuma shi ya sa nake ganin Foman ya ƙara layi ɗaya a saƙonsa: a raba dubawar kashi-kashi. A yi akwati huɗu ko biyar, a gyara waɗannan ramukan, mai sa ido ya duba su Asabar, a zuba, a ɗaga ginshiƙi, a cike, a matsar da katakan gaba. Zai yi zuwa uku ko huɗu maimakon ɗaya, kuma wannan shi da mai gida za su daidaita. Girman firam ɗin shi zai faɗa, ba mu da muke nesa ba. Tsani kuma kowane ramin da ake aiki a ciki da nasa, ya zarce baki da mita ɗaya, a ɗaure shi, mutum ɗaya kuma yana sama ba ya aikin komai sai kallon gefe. In an ji cida kowa ya fito ya bar rodi, sai an yi minti 30 da jin ta ƙarshe a koma.

Ramuka shida da ba su da kankaren shimfiɗa, ƙasan su ya jiƙa ya yi laushi. A kwashe har a kai mai tauri. Gwajin gaggawa shi ne a danna guntun rodi sha biyu da hannu, in yana nutsewa ba wahala ba a kai ba. Abin da aka kwashe da kankare mara ƙarfi ake mayar da shi, ba da ƙasa ba, kuma kada a rufe sai mai sa ido ya gani. Goman da ke da shimfiɗa, a ciro kwandon, a wanke lakar, a duba ko ruwa ya rarake ƙarƙashin gefen shimfiɗar. Ɗan jan tsatsa na kwana biyu ba ya cutar da rodi, laka ce ke hana kankare kama shi, ita ake bi da burushin waya da ruwa.

Ɗan Kwas daga Gyallesu: Mu namu wurin dakin ne za a duba Laraba, ba rami. Mu ma sai mu ɗage?

Malam Kafinta na 'Yan Katako: Je ka duba gindin gorar da ta tokare dakin. In a kan ƙasa take tsaye ba katako a ƙarƙashi, ruwan nan ya sa wasu sun nutse, ka girgiza su ɗaya ɗaya za ka ji masu rawa. In ka samu, kada kowa ya hau sai an gyara. Amma buɗe naka zancen daban, kada mu cakuɗa wa Foman.

Baba Birkila Sabon Gari: Ku dawo kan katangar maƙwabcin nan, ita ke hana ni sukuni. Nawa ne tsakaninta da ramin?

Foman Tudun Jukun: Santimita 80, Baba. Bulo inci shida ce, fandishonta da muka gani a gefen ramin bai wuce santimita 60 ba. Bayanta makewayinsu ne.

Injiniya Samaru: To ramin ya zarce gindin katangar da mita ɗaya da rabi, tazarar kuma santimita 80 ce. Ƙa'idar da ake bi da ido ita ce tazarar kada ta gaza wannan bambancin zurfin. An shiga ƙasar da ke ɗauke da katangar. Waɗannan ukun su za a fara tokarewa, kuma kada a janye ruwansu sai katako na wurin.

Baba Birkila Sabon Gari: A nan kam ban bi ka ba, injiniya. Ni cewa nake a mayar da ƙasa a cike ukun nan gobe, daga sama, ba mai shiga. In damina ta ja baya a Oktoba a sake haƙa su ɗaya bayan ɗaya, a zuba ɗaya ya kama kafin a taɓa na kusa da shi. Tokara a gindin katangar da ta riga ta sha ruwa, wanda zai sa firam na biyu yana ƙarƙashin ƙasa da bulo gaba ɗaya.

Injiniya Samaru: Maganarku tana da ƙarfi Baba, ba zan musa ba. Illarta ita ce ginin ba zai tashi ba tare da ginshiƙan nan uku ba, aikin ya tsaya wata biyu ke nan. Kuma ƙasar da aka zuba cikin ruwa ba a daddanna ba, tallafin da take bayarwa kaɗan ne, sai dai in yashi ko tsakuwa za a zuba. Wanda ya zana ginin kuma ya ga wurin da idonsa ne zai yanke. Foman, wannan ka roƙe shi ya zo ya gani tun kafin Asabar in zai iya, daga cikin gidan maƙwabcin ma ana iya duba katangar ba a kusanci rami ba. Duban rodi ne aka ɗage, ba a hana shi zuwa ba da shawara ba.

Hajiya Mai Lissafin Kwangila: Kuma ka shiga wurin maƙwabcin da kanka yau, da sallama, ka gaya masa iyalinsa su nisanci jikin katangar har a gyara. Ɗauki hotonta ta ɓangarorin biyu a gabansa, don a san halin da take ciki a yau.

Foman Tudun Jukun: Na kira injiniya mai sa ido. Ya ce Asabar yana da wani wurin, Litinin ƙarfe 8 ta fi masa, kuma ya yarda a raba dubawar, ramuka biyar a zuwan farko. Ya ce kada a taɓa ukun jikin katanga, ko ruwansu kada a ja, zai turo mataimakinsa gobe da rana ya gani daga gidan maƙwabci. Na tura rubutun har da mai gida, ya karanta bai ce komai ba tukuna. An kafa igiya. Malam Kafinta, in akwati biyar ne katako 135 ke nan, ana samun hayarsu ko sai an saya?

Malam Kafinta na 'Yan Katako: Mai inci biyu ba kasafai ake ba da shi haya ba, don yankawa za a yi. Amma kada ku yanka, ku bar su da tsawonsu na ƙafa 12 su leƙo sama, in an gama sai su shiga aikin dakin ko a sayar. Ka jira mataimakin ya faɗi girman firam kafin ka biya ko guda ɗaya. Gobe bayan azahar ka kira ni mu je mu zaɓo, don a marka rabin abin da ke kasuwa ɗanye ne.